Yadda Ake Ƙirƙirar Ɗan Katun da Gajerun Labarai Don Tallar Cincin ɗin Yara

A shagunan unguwa na Kaduna, daga Tudun Wada zuwa Rigasa da Kawo, ledojin cincin kusan kamarsu ɗaya: farar leda, sitika mai suna, sai lambar waya. Yaron da bai iya karatu ba ba ya riƙe sunan kamfani, amma yana riƙe fuska. Idan kina son ya nuna ledarki da yatsa, ki ba ta fuska, ki kuma ba fuskar hali. Zan ɗauki misalin mai cincin ɗin madara da ke kai wa shagunan kusa da makarantun firamare, mu bi aikin daga farko.

Mataki na farko shi ne hali, tun kafin a taɓa fensir. Ki rubuta layi uku kawai: abin da ɗan katun ɗin yake so, abin da ya iya, da ɗan rauninsa. Raunin nan shi ne mai haifar da labari, domin wanda ba ya kuskure ba shi da abin ba da dariya. A misalinmu mun zaɓi kurege, muka sa masa suna Ƙarmas, daga ƙarar cincin a baki. Yana son abokai, ya iya tsalle, amma gaggawa gare shi, kullum sai ya manta wani abu. Sunan gaɓa biyu ne, ɗan shekara huɗu zai iya faɗinsa, kuma maƙwabtan da Hausarsu ba ta nuna ba, a Barnawa ko Kakuri, ba za su sha wahalarsa ba.

Me ya sa ba Gizo ba? Kowa ya san shi, amma a tatsuniya mayaudari ne mai haɗama, kuma uwa ce ke biyan kuɗin. Shi ma kada yana jan hankali tunda ana cewa daga gare shi garin Kaduna ya samo suna, sai dai dogon baki da haƙora suna da wuyar mayarwa abin so a kan ƙaramar sitika. Kurege ma wayo gare shi a tatsuniya, amma wayonsa na ƙaramin da ke tsira ne, yara kuma suna ganin kansu a irinsa.

Sai zane. Ki nemi mai zane, ko ɗalibin sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ki ba shi layukan nan uku tare da ƙa'idoji kaɗan. Kai ya zama kusan rabin tsayin jiki, idanu manya a ɗan ƙasa da tsakiyar fuska, gefuna duk a zagaye, ba tsini. Wannan siffar ta jarirai ce, shi ya sa ake jin tausayinta. Launi kada ya wuce uku: jiki ruwan ƙasa, ciki ruwan madara, da jar hula. Hular ce alamarsa, ba ya taɓa fita ba tare da ita ba. Kada ki karɓi hoto ɗaya ki ce an gama. Ki karɓi takardar da ta nuna shi ta gaba da ta gefe, da fuskoki huɗu: murna, mamaki, damuwa da dariya. In ba haka ba, kowane sabon zane zai fito da wani kurege daban.

Ki buƙaci fayil ɗin SVG ko PDF wanda ba ya dusashewa idan an faɗaɗa shi, da PNG marar bango don waya. Ki gaya wa mai zanen a shirya na bugawa a tsarin launin ɗab'i na CMYK, domin jan da ke ƙyalli a fuskar waya yakan fito a dushe a injin ɗab'i. Sannan ku rubuta yarjejeniya cewa ya sallama miki haƙƙin mallakar zanen. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, irin wannan sallamawa sai a rubuce take tabbata, don haka kada ki dogara da cewa kin biya.

Kafin ki buga sitika dubu, ki yi gwaji biyu. Na farko, ki buga shi a faɗin santimita 5, ki manna a leda, ki rataye, ki ja baya taku biyar. Idan idanun sun haɗe da hula, layukan sun yi siriri ko sun yi yawa. Na biyu, ki nuna wa yaran gida da na maƙwabta, da sanin iyayensu. Kada ki ce "ya yi kyau?", domin kunya za ta sa su ce e. Ki ce "wane ne wannan, me yake yi?" In sun ce ɓera ne, akwai aiki a gaba, don ba mai sayen abinci da hoton ɓera. Maganinsa a ƙara wa jelar kauri da gashi, a ɗaga ta sama har ta wuce kai, a rage tsinin hanci. Washegari ki sake tambayarsu sunansa. Idan sun manta, ki sake suna tun ba ki kashe kuɗi ba.

Yanzu labari. Akwati uku sun isa, kalmomi kada su wuce arba'in: Ƙarmas yana son wani abu, gaggawarsa ta jawo matsala, sai a warware da taimakon aboki. Ga ɗaya. A akwatin farko, an kaɗa ƙararrawar tara, Ƙarmas ya fito a guje da ledarsa. A na biyu, ya miƙa hannu zai ci, sai Bushiya ta ce: "Ƙarmas, dubi hannunka!" Duk ƙurar fili ce. A na uku, su biyun suna bakin famfo, sun wanke, suna raba cincin, yana cewa: "Sai da aboki ake ƙarmas!" Wannan jimlar ita za ta rufe kowane labari, kamar yadda ƙurunƙus ke rufe tatsuniya, har yara su riƙa faɗinta kafin a kai wurin.

Ki lura cincin ɗin bai yi wani abin al'ajabi ba. Nan nake da tsauri. Kada labari ya nuna yaro ya ci ya zo na ɗaya a aji, ko ya yi ƙarfi, ko an ware wanda bai saya ba. Yaro ƙarami ba ya bambanta labari da talla, duk abin da Ƙarmas ya faɗa gaskiya ne a wurinsa. Cincin fulawa ne da sukari da mai, abin taɓawa ne, kada a nuna shi a madadin tuwo ko karin kumallo, kuma kada Ƙarmas ya taɓa cewa "ka sa Umma ta saya maka". Idan kayanki na da rajistar NAFDAC, ki tuntuɓe su kafin ki kai talla rediyo ko talabijin, domin tallar abinci na buƙatar amincewarsu. Idan akwai gyaɗa, ƙwai ko madara a ciki, a rubuta ƙarara inda uwa za ta gani.

Akwai ƙananan kurakurai da ke ɓata bugu gaba ɗaya. Masu tsara sitika sukan juya hoto don ya fuskanci rubutu, sai kuregen da ke ci da dama ya koma ci da hagu, kuma iyaye za su gani. Wasu nau'o'in rubutu ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai sunan ya fito da akwati a farkonsa, don haka ki duba gwajin bugu da idonki kafin a saki inji. Kada ki sa aya ko sunan Allah a ledar da za ta ƙare a bola.

Wajen fitarwa, ki shirya labarai shida kafin ki saki na farko, ki riƙa sa ɗaya kowane mako a WhatsApp da Facebook, inda iyaye ke gani su nuna wa yara. Ki buga su kuma a ƙananan katuna masu lamba, a manna a bayan leda ta waje don kada tawada ta taɓa abinci. Bayan wata guda ki zaga shagunan ki tambayi masu su yadda yara ke kiran kayan. In har yanzu "na jar leda" suke cewa, ki ƙara girman fuskar a sitika, ki rage rubutun da ke kewaye da ita.