Yadda na gano inda omo yake ɓacewa a sitonmu

A sitonmu na kasuwar Singa da ke Kano kullum kwamfuta tana nuna omo ya fi wanda muke ƙirgawa, har an fara zargin yaran lodi. Na tsayar da shiga da fita, muka sake ƙirga, sannan na bi rasit da takardun fitar kaya tun daga ƙirgar ƙarshe da lissafi ya daidaita.

Abin da ya ankarar da ni, giɓin kullum yana rabuwa da 4 ba saura. Ashe kamfani ya rage katan daga guda 24 zuwa 20, kwamfuta kuwa har yanzu 24 take lissafawa, katan 30 suka shigo, ta rubuta 720 alhali 600 ne a ƙasa. Na buɗe wa sabon katan lamba daban, na cire 120 ɗin, dalili a rubuce.

Yanzu duk lodin da ya sauka sai an farke katan ɗaya an ƙirga.