Na'urar jin yoyon gas a kicin ɗin Birtaniya: sama za ku ɗaura ta

Mu da muka taso da tukunyar gas a Kano ko Maraɗi mun san cewa in ta yi yoyo, ƙasa gas ɗin ke kwantawa, domin ya fi iska nauyi. To, wannan sanin yana iya kai ku ku baro a Birtaniya. Yawancin gidajen nan ta bututu gas ke shigo musu, kuma shi wani iri ne daban, mafi yawansa wani gas ne da ake kira mitan, bai kai iska nauyi ba. Da ya fita sai ya haye ya taru a ƙarƙashin silin. Wanda ya maƙala na'urarsa a soket ɗin da ke kusa da ƙasa ya ajiye mai gadi a ƙofar da ɓarawo ba ya bi.

Kafin ku sayi komai, ku duba abin da kuka tarar a gidan. Sau da yawa mai gida ya riga ya sa wata 'yar farar na'ura kusa da tukunyar ɗumama ɗaki, sai sabon zuwa ya ɗauka an gama. Ku juya bayanta ku karanta. In an rubuta EN 50291, ta gubar hayaƙin ƙonewa ce, wadda ake rubutawa CO, kuma ba ta jin ɗanyen gas ko kaɗan. Tana da aikinta, ku bar ta inda take. Wadda kuke nema za ku ga EN 50194 a kwalinta, tare da sunan irin gas ɗin da take ji. A ƙarƙashin wannan lamba akwai iri biyu: Type B ƙara kawai take yi, Type A kuwa tana da inda ake jona wani abin da za ta ba umarni, kamar makullin bututu. Kusan dukansu da wutar gida suke aiki, saboda abin da ke shaƙar gas ɗin a cikinsu sai an riƙa ɗumama shi dare da rana. Don haka soket ɗin da kuka ba ta ya zama nata ita kaɗai, kada a cire ta a jona butar shayi.

Akwai wata lamba a kwalin da ta cancanci ku fahimce ta, wato LEL. Gas ba ya kama wuta sai ya kai wani adadi a cikin iska, na bututu wajen kashi 5 cikin 100. Wannan iyakar ita ce LEL, kuma ƙa'idar EN 50194 ta ce na'urar ta yi ƙara tsakanin kashi 3 da kashi 20 na iyakar, tun da sauran nisa. Mu ɗauki kicin mai faɗin mita 3, tsawon mita 3, tsayin mita 2.4. Iskar cikinsa ta kai wajen lita 22,000. Yaro ya murɗa babban kan murhu bai kunna ba, kuma irin wannan kan yana fitar da wajen lita 280 a awa guda. In na'urar an saita ta a kashi 10 na LEL, lita 110 take jira, wato wajen minti 24 in ƙofa da taga a rufe suke kuma gas ɗin ya gauraye ko'ina. Kafin ɗakin duka ya kai matakin fashewa sai an yi wajen awa 4. Amma gas ba ya gaurayewa daidai haka, sama yake fara cikawa. Na'urar da ke kusa da silin za ta ji shi kafin wannan lissafin, ta ƙasa kuwa sai bayansa da yawa, lokacin da fitilar silin ta riga ta nutse a cikin gas.

Shi ya sa wurin ɗaurawa ya fi tsadar na'urar muhimmanci. Ku sa ta a bango, sama da kan ƙofa da taga, kada ta wuce santimita 30 daga silin. Kada ta tsaya daidai saman murhu, ku ba ta tazarar aƙalla mita guda, kada kuma ta yi nisan da ya wuce 'yan mitoci. Girkinmu na da suya da turiri, ga albasa a mai, ga tuwo na sulala, kuma maiƙon da ke tashi shi ke toshe 'yan ramukan da take shaƙar iska. Ku nisanta ta da wurin wanke-wanke, da bakin taga, da fankar zuƙe hayaƙi, domin nan iska ke kwashe gas kafin ya isa gare ta. Bayan labule da cikin kabad ma ba wurinta ba ne. In kuwa gidanku na ƙauye ne inda ake amfani da gas na tukunya, sai ku koma ga sanin gida: na'urar irin wannan gas ɗin, kusa da ƙasa.

Batun saiti kuwa, ta kanti an saita ta tun daga kamfani, ba a buɗe ta a murɗa komai. Naku shi ne ku jona ta a iska mai tsabta, ku jira 'yan mintoci har fitilarta ta daina ƙiftawa, sannan ku riƙa danna maɓallin Test kamar yadda takardarta ta ce. Sai dai a yawancinsu maɓallin nan ƙararrawa da wayoyi yake gwadawa, ba hancin na'urar ba. Kada ku feshe ta da gas ɗin laita don ku tabbatar, yawansa na iya lalata ta. Akwai gwangwanin gas na gwaji, masu gyaran gas na da shi. Hancin yana tsufa, yawanci shekara 5, ranar canjinta na rubuce a jiki. Alamar ta fara gajiya ita ce fitilar lalacewa, ko yawan ƙara ba dalili. Turaren fesawa da maganin ƙwari da fenti ma suna sa ta kuka, amma duk ƙarar da ta yi ku ɗauke ta gaskiya ce har sai kun tabbatar. Ɗalibai masu haɗa tasu da ɗan hancin jin gas da ake kira MQ-4 su sani cewa sai sun bar ta a kunne kwana 2 kafin su auna ta a iska mai tsabta, kuma zafi da danshi na karkatar da awonta. Ta koyo ce, ban yarda iyali su kwana a kanta ba.

Me za ta tayar in ta ji gas? Na farko ƙara mai ƙarfi, wadda za a ji daga ɗakin kwana ƙofa a rufe. Ku gwada wannan da kunnenku. Na biyu, in hali ya yi, makullin lantarki da ke datse bututun, irin wanda ba ya sake buɗewa sai mutum ya zo da hannunsa. Saka wannan makullin aikin injiniyan da ke cikin Gas Safe Register ne kaɗai, wato rajistar masu izinin aikin gas, kuma ɗan haya sai da izinin mai gida. Saƙon waya ƙari ne ga wanda ke wurin aiki, ba ya maye gurbin ƙarar. Abin da nake roƙonku kada ku yi shi ne haɗa ta da fankar kicin ko fitila ko soket mai kunna kansa. Duk abin lantarkin da ya kunnu ko ya mutu yana iya yin tartsatsi, kuma fankar gida ba a ƙera ta don ɗakin da ke cike da gas ba.

Sauran aikin na mutanen gida ne, don haka tun yau ku nuna wa kowa makullin da ke jikin mitar gas. In hannunsa ya bi tsawon bututu a buɗe yake, in an juya shi ya gicciye bututun ya rufe. Ƙara na tashi, a kashe murhu, a buɗe ƙofofi da tagogi, kada a taɓa makunnin wuta ko ashana, a rufe makullin in mitar ba a ɗakin ƙarƙashin ƙasa take ba, a fita. Daga waje za ku kira 0800 111 999, lambar gaggawa ta gas a Ingila da Sikotilan da Wales, kyauta ce dare da rana. Kada a sake buɗe makullin sai injiniya ya zo ya duba.