Kurakuran da malamai suka fi yi wajen tsara tambayar labari a jarrabawar dokar kasuwanci

Wani sabon malami ya kawo mini tambayar da ya shirya wa ɗaliban dokar kasuwanci don in duba masa. Ga abin da ya rubuta: "Wani mai hatsi a kasuwar Dawanau ya yi wa mai gonar kaji tayin masara buhu 100. Mai kaji ya nemi sauƙi. Daga baya ya ce ya amince, amma ya tarar an sayar wa wani. Ka tattauna." Na ce masa, "Malam, ina amsarka?" Ya ce sai an gama jarrabawa zai rubuta. Nan ne tushen matsalar. Wanda bai zauna ya amsa tambayarsa da kansa ba, ba zai ga ramukan da ke cikinta ba, sai ranar da takardu 200 suka taru a gabansa kowacce da inda ta nufa.

Rami na farko shi ne "ya nemi sauƙi". Wane irin sauƙi, kuma da waɗanne kalmomi? Dokar kwangila da Najeriya ta gada daga Ingila ta raba abu biyu a nan. A shari'ar Hyde da Wrench ta 1840, an sa wa gona kuɗi fam 1,000, mai saye ya ce zai ba da 950, aka ƙi, sannan ya dawo ya ce ya yarda da 1,000 ɗin. Kotu ta ce babu ciniki, domin sabon tayinsa ya kashe na farko. Amma a shari'ar Stevenson da McLean ta 1880, mai sayen ƙarfe tambaya kawai ya yi, ko za a yarda a kawo kayan cikin wata biyu, sai kotu ta ce neman bayani ne, tayin farko yana nan da ransa. To idan malami ya taƙaita maganar da bakinsa, ya ɗauke wa ɗalibi abin da zai yi aiki a kai. Gyaran shi ne a sa ainihin kalaman mutumin cikin alamar zance, a bar ɗalibi ya auna su. Haka kuma kada labari ya ce "suka ƙulla yarjejeniya" ko "ya karya alkawari", don wannan shi ne hukuncin da ake nema daga ɗalibi, ga shi an riga an ba shi a kyauta.

Rami na biyu rashin ranaku. A batun tayi da amincewa, wa ya riga wa shi ne rabin amsar. "Daga baya" ba ta gaya mana ko mai kaji ya ji labarin sayarwar kafin ya amince, ko bayan ya amince.

Sai "ka tattauna". Ɗalibin da ya ga wannan kalma zai juye duk abin da ya haddace, tun daga ma'anar kwangila, kuma ba ka da bakin hana shi maki tunda ba ka ce ga wanda zai yi wa aiki ba. Ka ce masa ya ba mai kaji shawara ko yana da haƙƙin da zai nema a kotu.

Akwai wani abu da mu a Arewa bai kamata mu manta ba: a faɗi dokar da za a yi amfani da ita. Musulmi biyu sun yi ciniki a Kano, ɗalibin da ya karanta fiƙihu yana da hujjar ɗauko hukuncin Malikiyya, har ya shiga bayanin cewa mazhabar ba ta yarda da zaɓin fasa ciniki don kawai ba a tashi daga majalisi ba. Bai yi kuskure ba, kai ne ka bar ƙofa a buɗe. Layi ɗaya ya isa ya rufe ta.

Ga yadda muka sake rubuta tambayar. Ranar Litinin mai hatsi ya aika wa mai kaji saƙon waya: "Zan sayar maka da masara buhu 100, kowanne naira 40,000, kuɗi hannu. Zan ajiye maka har Juma'a." Mai kaji bai ba da kafin alƙalami ba. Ranar Talata ya amsa: "Ko zai yiwu in biya rabi yanzu, rabi bayan mako biyu?" Mai hatsi ya yi shiru. Ranar Laraba ya sayar wa wani. Alhamis da safe direban da ya yi lodin masarar ya gaya wa mai kaji an kwashe ta. Da yamma mai kaji ya aika saƙo: "Na amince da farashinka." Ka ba mai kaji shawara bisa dokar kwangila ta gama-gari. Maki 20.

Ka lura kowace jimla tana da aikin da take yi. Rashin kafin alƙalami shi ke ta da tambayar ko alkawarin ajiyewa har Juma'a ya ɗaure mai hatsi, kuma ƙa'ida ita ce bai ɗaure shi ba tunda ba a ba shi komai a madadinsa ba. Direban kuwa an sa shi ne saboda shari'ar Dickinson da Dodds ta 1876, inda aka nuna cewa tayi yana faɗuwa idan wanda aka yi wa ya sami labarin janyewa daga wani amintaccen mutum, ko da ba mai kayan ne ya gaya masa ba. Sabon malamin ya so ya ƙara cewa masarar ta ɗan jiƙe, wai don labari ya yi armashi. Na hana shi. Wannan kalma ɗaya za ta ja ɗalibai masu ƙoƙari zuwa batun ingancin kaya, su ɓata minti goma a kan abin da ba shi da maki ko ɗaya.

Amsar misali ita ma tana da nata ciwon. Da yawa sukan kwafo bayanin aji su kira shi amsa: ma'anar tayi, sharuɗɗansa, jerin shari'o'i, babu masara babu kaji a ciki. Sakamakon haka mai hadda ya fi mai tunani maki. Mu mun raba namu kamar haka: maki 3 ga gane cewa saƙon Litinin tayi ne cikakke, don ya faɗi kaya da yawansu da farashi, 6 ga auna saƙon Talata, 4 ga alkawarin Juma'a, 5 ga labarin direba, 2 ga shawarar ƙarshe. A kowane kashi, ambaton ƙa'ida da sunan shari'a bai wuce kashi ɗaya cikin uku na makin ba, sauran na wanda ya ɗora ƙa'idar a kan abin da ya faru ne.

Saƙon Talata ya fi kowanne maki domin a nan ne masu hankali za su iya saɓawa. Ni ina ganin tambaya ce, saboda "ko zai yiwu". Wani ɗalibin zai ce mai hatsi ya sharɗanta kuɗi hannu, don haka neman biya kashi biyu sabon tayi ne. Idan ya kafa hujjarsa da kyau, dole amsar misali ta tanadar masa cikakken maki. Sai dai a rubuta a umarnin tambayar cewa a duba dukkan batutuwan, domin wanda ya ce tayi ya mutu tun Talata yana iya tsayawa nan ya bar maganar alkawarin Juma'a da ta direba, ya rasa maki 9 ba da laifinsa ba.

Kafin a kai tambayar wajen bugawa, mun ba wani abokin aikinmu ita ba tare da amsar ba, ya amsa cikin minti 35 da ɗalibi zai samu. Shi ne ya tambaye mu ko direban ya ga cinikin da idonsa ko ji ya yi a bakin mutane. Da farko "wani direba" kawai muka rubuta, a nan muka mayar da shi wanda ya yi lodin da kansa.