Darasi: Hoton da Ake Buɗewa Sau Ɗaya a WhatsApp da Hanyoyin da Yake Iya Fita

A watan Agusta na shekarar 2021 manhajar WhatsApp ta fito da wani tsari mai suna View once, wanda ke ba mutum damar aika hoto ko bidiyo da ba za a buɗe shi fiye da sau ɗaya ba. A watan Disamba na 2023 aka ƙara saƙon murya a cikin tsarin. Tun daga nan mutane da dama suka ɗauka cewa duk abin da suka aika ta wannan hanya ya zama sirri tsakaninsu da wanda suka aika wa, har wasu suka saki jiki suna tura abin da da can ba za su yarda ya bar wayarsu ba. A wannan darasi za mu koyi yadda ake aikawa, sannan mu duba inda kariyar take tsayawa, domin a nan ne ake cutar mutane.

Yadda ake aikawa

Ku buɗe hirarku da wanda kuke son aika wa, ku taɓa alamar kyamara da ke gefen wurin rubutu, sannan ku ɗauki sabon hoto ko ku zaɓi wanda ke cikin wayar. Kafin ku danna alamar aikawa, ku dubi wurin da ake rubuta bayani a ƙarƙashin hoton, za ku ga lamba 1 a cikin ɗan da'ira. Ku taɓa ta har ta canza launi, sannan ku aika. Wannan zaɓi ba ya zama dindindin, dole ne a taɓa lambar a duk lokacin da za a aika sabon hoto, kuma wanda ya manta ya aika hoto irin na kullum ke nan, wanda zai iya sauka a ma'ajiyar hotunan wayar mai karɓa. Idan haka ta faru, ku danne saƙon, ku taɓa alamar gogewa, ku zaɓi Delete for everyone. Ana iya yin haka cikin kimanin kwana biyu da aikawa, amma gogewar ba za ta dawo da abin da aka riga aka gani ko aka adana ba.

Idan an aika daidai, hoton ba ya bayyana a cikin hirar. Abin da ake gani shi ne lamba 1 da kalmar Photo ko Video. Da zarar mai karɓa ya buɗe ya rufe, sai kalmar ta koma Opened, kuma ba zai sake buɗuwa ba. Mai aikawa yana ganin wannan kalma ne idan mai karɓa bai kashe shaidar karanta saƙo a wayarsa ba, saboda haka rashin ganinta ba hujja ba ce cewa ba a buɗe hoton ba. Saƙon da ya yi kwana 14 ba a buɗe shi ba yana ɓacewa daga hirar da kansa.

Abin da tsarin yake karewa

Hoton ba ya sauka a ma'ajiyar hotunan mai karɓa, ba a iya tura shi gaba ga wani, kuma ba a iya adana shi daga cikin manhajar. Wannan kariya tana da amfani na gaske a gidajen da mutum biyu ko uku suke amfani da waya ɗaya, ko inda yara suke ɗaukar wayar iyayensu su yi wasa, ko lokacin da aka kai waya wurin mai gyara. Idan mace ta aika wa ƙanwarta hoton ɗinkin da take gwadawa, ba ta son ya zauna a wayar har wata shida wani ya ci karo da shi, to wannan tsari ya biya mata buƙata. Sai dai ku tuna cewa asalin hoton da kuka zaɓo daga wayarku yana nan a wayarku har sai kun goge shi da hannunku.

Batun sikirinshot

Sikirinshot shi ne ɗaukar hoton abin da ke kan fuskar waya, wanda a yawancin wayoyin Android ake yi da danna maɓallin kunnawa da na rage murya a lokaci guda. A shekarar farko ta wannan tsari babu abin da ke hana mai karɓa yin haka. Sai a watan Agusta na 2022 kamfanin ya sanar da cewa zai toshe wannan hanya, kuma a yau idan mutum ya gwada a manhajar asali da aka sabunta, ko dai wayar ta ƙi ɗauka ko hoton ya fito baƙi ƙirin. Haka abin yake ga naɗar bidiyon fuskar waya.

Matsalar ita ce toshewar tana aiki ne a wayar mai karɓa, ba a taku ba. Hoton yana isa wayarsa gaba ɗayansa, tare da umarnin cewa a nuna shi sau ɗaya, kuma manhajar da ke wayarsa ce ke bin umarnin ko ta ƙi bi. Akwai manhajoji na jabu irin su GB WhatsApp, waɗanda ba a samunsu a Play Store, amma sun yaɗu a wayoyin matasa domin ana tura su daga waya zuwa waya. Irin waɗannan an gina su ne don su yi watsi da umarnin, su bar mutum ya buɗe hoton sau nawa ya ga dama, ya kuma adana shi. Kamfanin yana rufe asusun masu amfani da su, amma ku da kuke aikawa ba ku da tabbatacciyar hanyar sanin wace manhaja ce a hannun wancan. Ko a manhajar asali an taɓa samun ɓaraka: a watan Satumba na 2024 wani mai binciken tsaron na'ura mai suna Tal Be'ery ya nuna cewa ana iya adana irin waɗannan hotuna ta hanyar WhatsApp na kwamfuta. Bugu da ƙari, WhatsApp ba ya sanar da mai aikawa cewa an yi yunƙurin ɗaukar sikirinshot, don haka shirun da kuka ji ba alamar lafiya ba ce.

Waya ta biyu

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, kuma babu wani gyaran manhaja da zai iya toshe ta. Hoton da aka buɗe ba shi da agogon da ke rufe shi, yana nan a kan fuskar wayar muddin mai kallo bai koma baya ba. Yana da isasshen lokacin da zai ɗauko wata waya, tasa ko ta abokin zamansa, ya saita kyamara ya ɗauka. Wanda ya yi niyya tun farko ma ba zai buɗe saƙon ba sai ya shirya wayar ta biyu, tunda yana da har kwana 14. Wayar da ke nuna hoton ba ta san akwai kyamara a gabanta ba, ba za ta kuma gaya wa kowa ba.

Mu ɗauki misali. Wata mai sayar da atamfa ta ga sanarwar tallafin jari, ta tuntuɓi lambar da aka bayar. Mutumin ya ce sai ta aiko da hoton katin cirar kuɗinta gaba da baya domin a tantance ta. Da ta nuna shakka, sai ya ce: "Hajiya, ki aiko da shi ta mai buɗewa sau ɗaya, ina dubawa zai goge, ni kaina ba zan sake ganinsa ba." Maganarsa ta ƙarshe gaskiya ce, shi ya sa take shiga kunne. Amma abin da yake nema ba hoton ba ne, lambobin da ke jikin katin ne: doguwar lambar katin, wadda a yawancin katuna take da lambobi 16, da wata da shekarar ƙarewar aikinsa, da lambobi 3 da ke bayansa. Wannan ko waya ta biyu ba ya buƙata, biro da takarda sun ishe shi cikin minti ɗaya. Da waɗannan lambobi zai fara sayayya ta intanet, kuma idan banki ya turo mata lambar tabbatarwa ta saƙon tes, sai ya kira ya ce ta karanto masa domin a kammala rajista. A wayarta za ta ga kalmar Opened, hankalinta ya kwanta cewa hoton ya tafi, alhali lambobin suna rubuce a gabansa.

Abin da ya dace ta yi idan ta riga ta aika shi ne ta rufe katin nan take, ta manhajar bankinta ko ta kiran lambar bankin da ke jikin katin ko ta zuwa reshe mafi kusa, kuma kada ta karanta wa kowa lambar tabbatarwa. Goge saƙon a wannan lokaci ba ya amfanar komai. Hukunci ɗaya ne ga takardar NIN da lambar BVN, waɗanda kowaccensu lambobi 11 ne da ake kwafewa cikin ƙiftawar ido.

Hoton jiki

Wajibi ne a faɗi wannan a fili, domin a nan ɓarnar ta fi muni. Idan saurayi ko wani da aka haɗu da shi a intanet ya ce wa yarinya ta aiko masa da hoton da bai dace ba, yana mai kafa hujja da cewa sau ɗaya zai gani, to ta sani cewa duk hanyoyin da muka ambata a buɗe suke gare shi. Wanda ake shiri da shi yau ana iya ɓatawa da shi gobe, kuma hoton da ya riga ya ɗauka da wata waya yana nan a ajiye. A guruf kuwa kowane mamba yana da nasa buɗewar, don haka guruf mai masu karɓa 50 dama 50 ce ta fitar hoton.

Ana iya gane hoton da aka ɗauka da waya ta biyu: yakan ɗan karkace, ana ganin ƙyallin fitila ko taga a kansa, wani lokaci da gefen wayar ko yatsan mai riƙe da ita, ko wasu siraran layuka masu kama da igiyar ruwa. Wadda aka yi wa barazana da irin wannan hoto kada ta biya ko kwabo, domin biyan farko yana jawo na biyu. Ta adana saƙonnin barazanar da lambar mai turo su kafin ta toshe shi, ta gaya wa babba da ta amince da shi, sannan a kai ƙara ga hukuma. A Najeriya akwai dokar laifukan intanet ta shekarar 2015, kuma tsoratar da mutum ta waya don a karɓi kuɗinsa laifi ne. Iyaye da yayye su ma su riƙe fushinsu a irin wannan lokaci, domin tsoron abin da za a ce a gida shi ne babban makamin mai barazanar.

Aikin aji

Ku zauna mutum uku-uku da wayoyi uku. Na farko ya rubuta lambobi 11 na ƙirƙira a takarda, ya ɗauki hotonsu, ya aika wa na biyu ta View once. Na biyu ya buɗe, ya gwada ɗaukar sikirinshot, ya faɗa wa aji abin da wayarsa ta yi. Kafin ya rufe, na uku ya ɗauki hoton fuskar wayar da tasa kyamarar. Bayan haka na farko ya duba hirar, ya faɗa ko akwai wata alama da ta nuna masa cewa an ɗauki hoton, sannan na uku ya karanta lambobin daga wayarsa a gwada su da na takardar. Ku rubuta a littafinku abubuwa uku da za ku iya aikawa ta wannan hanya ba tare da fargaba ba, da uku da ba za ku aika ba ko da an roƙe ku, tare da dalilin kowanne a jimla ɗaya.