Darasi na Tara: Wace Riga Ce Ke Cin Kuɗin Shago?

Kawuna yana da shagon ɗinki a wajen Shara Mansur, a Makka, kuma na yi shekaru ina riƙe masa littafin lissafi. Kaya iri biyu yake ɗinkawa. Akwai farar jallabiya, wadda masu kanti ke saya da yawa, girma uku ko huɗu kawai, ba awo ba gwaji. Akwai kuma kaftani mai aiki a wuya da hannu, wanda mutanenmu mazauna da alhazai ke zuwa a auna su a ɗinka musu. Kullum Kawu cewa yake kaftani ne ke riƙe da shagon, jallabiya kuwa wahala ce kawai. Littafin da nake rubutawa ma haka yake nunawa. A wannan darasi za mu ga inda littafin ya ruɗe mu. Na daidaita lambobin don su yi sauƙin rabawa. Ku ɗauko takarda mu yi tare.

Kuɗi iri biyu ne

Wani kuɗin ka san rigar da ta ci shi. Yadin jallabiya da zarenta riyal 20 ne, ladan tela riyal 10, domin awa 1 take ɗauka. Shaddar kaftani da zaren aiki riyal 60, ladan tela riyal 30, domin awa 3 yake ɗauka. Nan babu gardama: kafin a ƙara komai, jallabiya ta ci 30, kaftani ya ci 90.

Wani kuɗin kuma na shago ne gaba ɗaya: haya, wuta, gyaran keke, albashin mai yanka, albashin yaron da ke tarbar mutane, man mota. Za mu kira shi kuɗin ɗawainiya. A wata guda ya kama riyal 12,000. Ba a rubuta sunan kowace riga a jikinsa ba, amma dole riguna ne za su biya shi. To, yaya za a raba?

Tsohuwar hanya

Abin da nake yi shi ne abin da yawancin masu sana'a ke yi: rabawa bisa yawan aiki. A watan an ɗinka jallabiya 900, wato awa 900. An ɗinka kaftani 100, wato awa 300. Jimla awa 1,200. Raba 12,000 gida 1,200, kowace awa ta ɗauki riyal 10.

Jallabiya ke nan ta ɗauki 10, ta tsaya a riyal 40. Kaftani ya ɗauki 30, ya tsaya a 120. Ana sayar da jallabiya 42, kaftani 150. Duk wanda ya duba zai ce ribar jallabiya riyal 2 ce, ta kaftani 30. A wata, jallabiya 900 sun kawo 1,800, kaftani 100 sun kawo 3,000, jimla 4,800.

Babu kuskure a rabawar. Kuskuren yana cikin zaton da muka fara da shi, cewa duk kuɗin ɗawainiya awar ɗinki yake bi. Wani yana binta, wani kuma ko kusa.

Ku tsaya a teburin yanka

Ranar da na yini kusa da mai yanka na gane haka. Idan jallabiya zai yanka, sai ya shimfiɗa yadi ninki kan ninki, ya zana da alli sau ɗaya, ya bi zanen ya yanka, riguna 30 sun fita. Farin zare na kan keke tun safe, ba mai taɓa shi. Idan kaftani ne, sai ya ɗauko takardar awo, ya duba gaban shadda da bayanta, ya zana, ya sake aunawa don shadda ba ta yafe kuskure, sannan ya yanka. A can kuma mai aikin wuya ya zare zaren jiya, ya ɗaura wani launi, ya gwada a ƙyalle. Duk wannan shiri na riga ɗaya ne ko biyu. Lokacin da shirin ya ci kusan ɗaya ne da na jallabiya 30.

Yaron shago ma haka. Mai kanti waya ɗaya yake yi ya ce a kawo masa 180. Mai kaftani kuwa zai zo awo, a je kasuwa neman launin da yake so, ya dawo gwaji, a rage hannu, ya kira sau uku yana tambaya ko an gama saboda jirginsu ya kusa tashi.

Wannan shi ne tushen hanya ta biyu, lissafi bisa ayyuka. Malamai biyu na Jami'ar Harvard a Amurka, Robin Cooper da Robert Kaplan, su suka yaɗa ta a ƙarshen shekarun 1980, bayan sun lura cewa a masana'antu kuɗin ɗawainiya ya yi girma, ladan hannu ya ragu, amma har lokacin da awar ma'aikaci ake raba shi. Abin da hanyar ke cewa shi ne ayyuka ke cin kuɗi, riguna kuma ke jawo ayyuka. Sai ka kasa kuɗin ɗawainiya kashi-kashi bisa aikin da ya cinye shi, ka nemo wa kowane kashi ma'aunin da ya dace da shi.

Mu sake raba 12,000

Kashi na farko na tafiyar da kekuna ne: wuta, gyara, mai, allura, da hayar ɗakin ɗinki. Riyal 4,800. Wannan kam awa yake bi. Raba gida 1,200, riyal 4 kowace awa. Jallabiya ta ɗauki 3,600, kaftani 1,200.

Kashi na biyu na shirin aiki ne: albashin mai yanka, wurin teburinsa, da ƙyallen da ake ɓatawa wajen gwaji. Riyal 4,500. Ma'auninsa shi ne sau nawa aka yi shiri. Jallabiya sau 30, kaftani sau 60, jimla 90. Kowane shiri riyal 50 ke nan. Jallabiya ta ɗauki 1,500, kaftani 3,000.

Kashi na uku na hidimar masu oda ne: albashin yaro, waya, man mota. Riyal 2,700. Odar jallabiya 5 aka karɓa, ta kaftani 40, jimla 45. Kowace oda riyal 60. Jallabiya ta ɗauki 300, kaftani 2,400.

Yanzu ku haɗa. Jallabiya: 3,600 da 1,500 da 300, sun ba da 5,400. Raba wa riguna 900, riyal 6 kowace. Kaftani: 1,200 da 3,000 da 2,400, sun ba da 6,600. Raba wa riguna 100, riyal 66 kowanne. Ku tabbatar 5,400 da 6,600 sun koma 12,000. In ba su koma ba, akwai inda lissafi ya zame.

Ashe jallabiya 36 take ci, ba 40 ba, ribarta riyal 6. Kaftani 156 yake ci, ba 120 ba, kuma 150 ake sayar da shi. Asarar riyal 6 ce a kan kowanne. A wata jallabiya ta kawo 5,400, kaftani ya zubar da 600, saura 4,800. Ribar shago ba ta canza ko da halala ɗaya ba. Abin da muka gano shi ne mai kawo ta. A tsohon lissafi kaftani ya ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu na ɗawainiya, alhali ya jawo fiye da rabi. Bambancin, riyal 3,600, an ɗora wa jallabiya don kawai tana da yawan awoyi. Haka abin yake zuwa a duk inda aka haɗa kaya mai yawa mai sauƙi da kaya kaɗan mai ɗawainiya: mai yawan ne ke ɗaukar nauyin ɗan'uwansa.

Inda ɓarnar take

Wani zai ce tunda riba ɗaya ce, ina ruwanmu? Ruwanmu yana wajen yanke shawara. Wani mai kanti ya taɓa zuwa yana neman jallabiya a kan 39. Kawu ya dube ni, na ce masa, "Kawu, 40 take cinmu." Ya sallami mutumin. Ni na ba da wannan amsa, kuma har yau tana damuna, domin riyal 3 na riba muka kora a kan kowace riga.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne idan aka ci gaba a haka. Ka rage jallabiya don ka ga ba ta da riba, ka ƙara karɓar kaftani. Awoyi sun ragu, shiri da zirga-zirga sun ƙaru, kuɗin kowace awa ya hau, jallabiyar da ta rage ta ƙara tsada a littafi, masu kanti su koma wajen wani. Alamun suna fitowa tun da wuri. Za ka ga maƙwabci yana sayar da kayan da kake yi da yawa ƙasa da abin da littafinka ya ce suna cinka, kuma bai karye ba. Za ka ga ba mai yi maka takara a aiki mai wahala, mai saye ma ba ya neman ragi. Shago cike da aiki, aljihu shiru.

Kada a yi gaggawar korar kaftani

Da Kawu ya ga 156, sai ya ce, "To ɗana, mu daina kaftanin mana." A nan ne wannan hanya take da iyaka. Kowane kaftani yana barin riyal 60 bayan yadi da ladan tela, wato 6,000 a wata. In an daina shi, wannan kuɗi ya tafi nan take, amma haya tana nan, mai yanka da yaro suna nan da albashinsu. Riyal 6,600 ɗin ba za su fita daga kashe-kashe ba sai an rage su da gaske, ko an cike lokacin da wani aiki mai biya.

Kuma 156 matsakaici ne. Wanda ya kawo kaftani ɗaya tak ya ci 90, da 12 na keke, da 50 na shiri, da 60 na oda: riyal 212. Wanda ya kawo biyar iri ɗaya, awo ɗaya, shiri da oda sun rabu gida biyar, 10 da 12, kowanne ya tsaya a 124. Na biyun da riba a 150, na farkon ne ke cin shago. Don haka Kawu ya ware farashin guda ɗaya daban, ya kuma sa a riƙa tara masu launin zare ɗaya a yi su rana guda.

Wasu kuɗaɗen, kamar haya, rabonsu kintace ne ko a wannan hanya. Mu da faɗin wurin da kowane aiki ya mamaye muka raba ta. Kada kuma ku ɗauki watan aikin Hajji kaɗai ko watan da kasuwa ta kwanta, ku haɗa watanni da yawa. Wanda kayansa iri ɗaya ne, ko ɗawainiyarsa kaɗan ce, tsohuwar hanya ta ishe shi. Ƙirga shiri da oda ma aiki ne. A shagonmu takarda muka manna a bango kusa da teburin yanka, duk shiri ɗaya mai yanka ya ja layi ɗaya.

Aikin gida

Wani alhaji ya kawo kaftani 4 iri ɗaya a oda guda, shiri ɗaya, yana so a bar masa a 130 kowanne. Da lambobin da ke sama, nawa kowanne zai ci shago, kuma za ku karɓa? Bayan haka ku rubuta kuɗin ɗawainiyar sana'arku na watan jiya, a gaban kowanne ku rubuta aikin da ya jawo shi, ku zo da takardar zama na gaba.