Yadda na gyara matsalar kaurin kwano a gininmu

Mun biya kuɗin dogon kwano na alminiyam mai kaurin milimita 0.55. Ana soma ɗora shi kafinta ya kira ni: "Alhaji, kwanon nan lotsewa yake, ko kusa aka buga sai ya loɓa."

Ido ba ya bambance 0.55 da 0.40, amma sikeli yana yi. Murabba'in mita ɗaya na shimfiɗaɗɗen alminiyam mai kaurin 0.55 yana kai kusan kilo ɗaya da rabi, mai 0.40 kuwa kaɗan ya ɗara kilo ɗaya. Sai na sa aka yanko min murabba'in mita ɗaya daga naɗin da ba a lanƙwasa ba, muka auna. Namu 1.1 ya nuna. Na kuma ari maikiromita, wato na'urar auna kauri, wurin wani makaniki na gwada, nesa da bakin yanka, domin bakin yakan tashi ya ƙara kauri. Amsar ɗaya ce.

Dillalin ya karɓi kayansa. Da aka zo canji, na duba sunan kamfani da tambarin inganci na NIS na hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki a jikin naɗin, aka auna a gabana kafin a sa a inji, aka kuma rubuta 0.55 a rasit. Tambarin kaɗai bai ishe ni ba, don takarda ana iya liƙa ta a kan kowane naɗi.