Kwana uku, minti goma: inda masu neman aiki ke faɗuwa a jawabin intabiyu

A ce saƙo ya shigo maka ranar Litinin da yamma, intabiyu ranar Juma'a da safe. Muƙamin na jami'in shirin ilimi ne, kuma kwamiti ya ba da take: "Me za ka yi a wata shida na farko don mayar da yaran da suka daina zuwa firamare aji a ƙaramar hukuma ɗaya?" An ba ka minti goma, sannan tambayoyi.

Babban kuskuren da na gaji da gani shi ne mutum ya mayar da taken nan aikin makaranta. Shafi na farko ma'anar ilimi, na biyu tarihin dokar UBE ta 2004, na uku dalilai goma da ke hana yara karatu. Kafin ya iso ga abin da aka tambaye shi, minti takwas sun tafi. Haba malam! Mutanen da ke zaune a gabanka wannan aikin suke yi kullum, sun fi ka sanin talauci da talla da nisan makaranta. Abin da ba su sani ba shi ne kai me za ka yi idan aka ba ka kujerar.

Maganinsa, daren Litinin kada ka buɗe PowerPoint. Ɗauki biro ka ja layi ƙarƙashin kalmomin da ke ɗaure taken: "me za ka yi", "wata shida", "ƙaramar hukuma ɗaya". Na farko yana neman mataki, na biyu yana neman jadawali, na uku ya hana ka zancen Najeriya baki ɗaya. Sai ka rubuta amsarka a jimla ɗaya, misali: zan fara da mazaɓu uku, in tantance yaran daga rajistar makarantu, in bi su gida-gida tare da masu unguwanni da kwamitin iyaye na makaranta, in auna nasara da zuwan yaro aji, ba da rubuta sunansa kawai ba. Wannan jimlar za ka faɗa a minti na farko, duk sauran jawabin hujjarta ce. In ta ƙi rubutuwa, to ba ka da amsa tukuna, kuma ado da launi ba za su rufe maka asiri ba.

Talata ta bincike ce, amma mai iyaka. Sake karanta tallar aikin, domin daga cikinta ake ciro abin da za a ba ka maki a kai. Nemi alƙaluma biyu ko uku da ka san inda ka samo su. Wanda ba ka da tushensa, bar shi, don akwai wanda zai ce "a ina ka samu wannan?" Laraba ka haɗa shafuka, shida sun isa: amsarka, halin da ake ciki a taƙaice, wata biyu na farko, wata huɗu na gaba, abin da zai iya kawo cikas, sai yadda za ka auna sakamako.

Kuskure na biyu ya fi ban haushi, saboda ganganci ne. Mutum ya kwana yana gyaran shafuka har asubahin Juma'a, bai taɓa faɗin jawabin da bakinsa ba ko sau ɗaya. Karatu a zuci ya fi magana sauri nesa ba kusa ba. Mai magana a natse yana furta kalmomi kamar 120 zuwa 130 a minti, ke nan minti goma ba za su ɗauki fiye da 1,300 ba. Ni a ƙa'idata Alhamis ba a ƙara sabon abu. Ka miƙe tsaye, ka kunna agogon waya, ka yi jawabin da ƙarfi sau uku, ka datse har ya tsaya a minti tara. Idan shugaban kwamiti ya ce "saura minti ɗaya" kana shafi na uku, ɓangaren sakamako ne zai salwanta. A gwaji na ƙarshe ka zaunar da wani ya jefo maka tambayoyi masu zafi: ina kuɗin zai fito, kuma yaya za ka yi idan sakataren ilimi na ƙaramar hukumar bai ba ka haɗin kai ba?

Sauran ƙanana ne, amma suna kunyata mutum. Kada ka juya wa kwamiti baya kana karanta allo. Girman rubutu kada ya gaza 24. In saƙon bai fayyace ko akwai majigi ba, ka tambaya tun Talata, ba laifi ba ne. Ajiye kwafin PDF a filashi da kuma imel ɗinka, saboda tsarin rubutu kan hargitse a kwamfutar wani. Ka buga shafukan a takarda, kwafi biyar ko shida, in an ɗauke wuta sai ka raba musu ka ci gaba daga inda ka tsaya.